Abin da Tsagar Kubba Take Nufi

A shekarar 1742 hankalin Fafaroma Benedict na 14 ya tashi game da babbar kubbar majami'ar Bitrus da ke birnin Rum. Kubbar nan Michelangelo ne ya zana ta, Giacomo della Porta da Domenico Fontana suka kammala ta a 1590, kuma faɗinta daga ciki ya kai wajen mita 42. Shekara ɗari da hamsin bayan kammala ta, tsagogi sun keto daga wuyanta sun haura jikinta, wasu har hannu yana shiga. An taɓa kafa 'yan guntayen marmara a kan wasu tsagogin don a gane ko suna ƙara buɗewa, aka dawo aka tarar sun karye. Magana ta bazu a gari cewa kubbar tana shirin ruftowa. Fafaroma ya sa malaman lissafi uku, Boscovich da Le Seur da Jacquier, su duba, suka duba suka ce turin da kubbar ke yi ya fi ƙarfin abin da ke riƙe da ita. Daga nan ya kira wani farfesa daga Padua mai suna Giovanni Poleni, shi kuwa ya ce kubbar za ta iya tsayuwa da tsagoginta. Gini ɗaya, tsaga ɗaya, hukunci biyu. Kafin a gane yadda haka ta faru sai an san hanyar da nauyi ke bi a cikin kubba.

Dutse da tubali suna da hali guda wanda komai ya rataya a kansa. Idan aka danne su suna jure nauyi mai ban mamaki, amma idan aka ja su sai su rabu, musamman a mahaɗarsu, inda tsohon kwaɓin farar ƙasa ba ya riƙe abin kirki. Saboda haka gwanintar magini ta dutse ita ce ya nemo siffar da kowane dutse zai zauna a danne tsakanin 'yan'uwansa, ba tare da an ja shi ta ko'ina ba. Bature Robert Hooke ya gano siffar, a 1675 ya ɓoye ta cikin wasa ƙwaƙwalwa na haruffan Latin, ba a warware ba sai bayan rasuwarsa. Abin da ya gano shi ne wannan: a riƙe sarƙa ta baki biyu a bar ta ta yi lilo. Sarƙa ba ta san danni ba, ja kaɗai take ɗauka, don haka siffar da ta zauna a kai siffa ce ta ja zalla. A daskarar da siffar nan a kifa ta, sai ta zama baka wanda babu komai a cikinsa sai danni zalla.

Wannan kifaffiyar sarƙa ita ake kira layin turi, wato hanyar da ƙarfin danni ke bi daga dutse zuwa dutse har ya isa ƙasa. Ba dole ba ne layin ya bi tsakiyar ginin daidai. Abin da ake bukata kawai shi ne ya zauna cikin kaurin ginin. Idan ya matso kusa da fuska ɗaya, mahaɗa takan ɗan buɗe baki ta ɗaya fuskar. Idan ya taɓa gefe, wurin ya zama kamar gwiwa, duwatsun biyu suna iya juyawa a kan baki ɗaya kamar ƙyauren ƙofa. Baka mai gwiwa uku yana nan tsaye daram, kuma tsofaffin gadoji da yawa haka suke zaune shekara da shekaru. Gwiwa ta huɗu ce ke kayar da shi. Sarƙa mai lilo ba ta yin rabin da'ira, shi ya sa baka mai siffar rabin da'ira yake bukatar kauri kafin sarƙar ta samu wurin zama a cikinsa. Lissafi ya nuna cewa kaurin nan sai ya kai kusan kashi 11 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin cibiyar da'irar da jikin bakan.

Kubba kuwa ta fi baka dabara ɗaya. A ɗauki ƙwarya a kifa. Ana iya kallonta a matsayin ɓari-ɓari da suka taso daga baki suka haɗu a tsakiyar kai, kamar ɓarin lemo, kowane ɓari biyu masu fuskantar juna sun zama baka. Ana kuma iya kallonta a matsayin zobba da aka ɗora wani kan wani, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Nauyi yana gangarowa ta ɓarin, amma zobban suna da tasu rawar: duk inda ɓari ya so ya faɗa ciki, zoben wurin sai ya matse ya tokare shi, duk inda ya so ya kumbura waje, zoben sai ya ɗaure shi kamar ɗamara. Wannan shi ne ƙarfin zobe, kuma shi ke tanƙwara layin turi ya bi jikin kubbar ko da siffarta ba ta sarƙa ba ce.

A saman kubba zobban a matse suke. Ɓarin suna son faɗawa ciki, amma kowanne ya tokare maƙwabcinsa, babu wanda zai wuce. Wannan ne dalilin da ya sa ake iya barin rami a tsakiyar kan kubba ba ta faɗi ba, kamar idon Pantheon na Rum mai faɗin kusan mita 9, alhali baka idan aka zare masa dutsen tsakiya ya gama yawo. Shi ne kuma ya sa magini ke iya gina kubba sahu-sahu, domin da zarar sahu ya zagayo ya rufe, ya riƙe kansa. A ƙasa labarin ya juya. Nauyin da ke sama yana neman baje gindin, zobban wurin kuwa ja suke sha. Ga kubba mai siffar rabin ƙwallo da kauri iri ɗaya, lissafin gajere ne:

```
Nφ = − wR / (1 + cos φ)
Nθ = wR [ 1/(1 + cos φ) − cos φ ]
```

A nan w shi ne nauyin kowace murabba'in mita ta jikin kubbar, R tazara daga cibiya zuwa jiki, φ kuwa kusurwar da aka auno daga tsakiyar kai zuwa ƙasa. Layin farko ƙarfin ɓari ne, kuma alamar ragewa tana nuna danni ne daga sama har ƙasa. Layi na biyu ƙarfin zobe ne. A tsakiyar kai danni ne, yana raguwa yayin da ake gangarowa, ya zama sifili a kusurwar digiri 51.8, daga nan ya koma ja, yana ƙaruwa har gindi. Iyakar nan ta kusan digiri 52 ba ta damu da girman kubba ba, ba ta damu da kayan da aka gina ta da su ba. Siffar rabin ƙwallo ce ta haife ta.

A gwada da misali. A ce ga kubbar jan bulo mai faɗin mita 20, wato R mita 10, kaurinta santimita 30, kuma kowace mita ta kowane gefe ta bulon tana da nauyin kilo 1,800. Murabba'in mita ɗaya na jikinta zai yi kilo 540, kubbar gaba ɗaya kuwa tan 339 ko kusa da haka. Kewayen gindinta mita 63 ne, don haka kowace mita ta gindin tana ɗauke da tan 5.4. Idan aka raba wannan a kan faɗin bulon da ke ɗauke da shi, kowace murabba'in santimita tana shan dannin kilo 1.8 kacal. Bulo mai kyau yana jure ninkin wannan sau hamsin da ɗoriya. Tsohuwar kubba ba ta mutuwa don an murƙushe duwatsunta, sai dai don siffarta ta ɓaci. Amma a gindin nan, jan da zobe ke sha shi ma kilo 1.8 ne a kowace murabba'in santimita, kuma wannan ɗan adadin ya isa ya raba tsohuwar mahaɗa, musamman idan zafi da sanyi da motsin ƙasa suka sa hannu. Ƙara kauri ba ya magani, domin ƙarin kauri ƙarin nauyi ne, adadin bai canja ba. Idan aka tara dukkan jan da ke tsakanin iyakar digiri 52 da gindi, ana samun wajen tan 16 da ke neman yaga kubbar a kowane wuri da aka ja layi daga sama zuwa ƙasa.

To, sai ta yage. Tsagar farko da kusan kowace babbar kubbar dutse ke yi ita ce mai tasowa daga gindi, mai faɗi a ƙasa, tana sirancewa yayin da take hawa har ta ɓace kafin ta kai tsakiyar kai. Takan bi wuri mai rauni, bakin taga ko matakalar da aka huda cikin bango, kuma takan wuce iyakar digiri 52 ta haura, domin da zarar zobban ƙasa sun tsinke, ƙarfi yana sake rabuwa. Pantheon, wanda aka gina da kankaren Rumawa a zamanin Sarki Hadrian, mai faɗin mita 43, yana da irin waɗannan tsagogi a bayan shafensa, an gan su lokacin gyara a shekarun 1930. Kubbar Brunelleschi ta Florence ma tana da nata manya. Bayan tsagewa, kubba ta koma abin da aka fara kwatanta ta da shi: bakuna da yawa da suka jingina a kan hula guda wadda ba ta tsage ba. Tan 16 ɗin da zobba suka saki bai ɓace ba. Ya koma turi, yana tunkuɗa bangon da ke ƙasa zuwa waje.

Tambaya ta koma, shin waɗannan bakunan za su iya tsayuwa da kansu? Ita ce tambayar da Poleni ya yi. Ya ɗauka cewa kubbar Bitrus ta riga ta tsage sarai, babu sauran zoben da ke taimako, ya raba ta a takarda gida 50, kowane biyu masu fuskantar juna baka ɗaya. Ɓarin kubba ba kamar baka na gada ba ne, siriri ne a sama, mai faɗi a ƙasa, don haka nauyinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Poleni ya lissafa nauyin kowane yanki, ya haɗa da kason nauyin ƙaramar hasumiyar da ke zaune a kan kubbar, ya jera ƙwallaye 32 masu nauyi daban-daban a jikin zare gwargwadon lissafin, ya rataye. Siffar da zaren ya yi ya kifa ta a kan zanen kubbar, sai ga layin ya zauna cikin kaurin ginin daga sama har ƙasa. Ya buga aikin a littafi a 1748.

Hujjar tana da ƙarfi fiye da yadda ake zato a kallon farko. Babu wanda zai iya sanin ainihin hanyar da nauyi ke bi a cikin tsohon gini, domin ɗan motsin tushe na milimita kaɗan ya isa ya sauya ta. Amma Jacques Heyman na Cambridge ya nuna a 1966 cewa ba a bukatar sani. Muddin duwatsun ba sa murƙushewa, ba sa zamewa a kan juna, kuma ba a dogara da jansu ba, to idan mai bincike ya samo layin turi ko guda ɗaya da ya zauna cikin kauri, ginin ma zai samo nasa, ba zai faɗi ba. Poleni ya yi aiki da wannan ƙa'ida shekara ɗari biyu kafin a rubuta ta. Heyman ya kuma lissafa cewa tsagaggiyar kubba mai siffar rabin ƙwallo tana bukatar kaurin kashi 4.2 cikin 100 na R kafin layin ya samu wurin zama, ƙasa da rabin abin da baka ke bukata. A koma ga kubbar misalin nan. Tana bukatar santimita 42, alhali 30 gare ta. Ma'ana tana tsaye ne kawai muddin wani abu yana riƙe da zobbanta, ranar da suka tsinke babu layin da zai cece ta. Da kaurinta santimita 50 ne, da ta tsage ta ci gaba da zamanta. Tsaga iri ɗaya ce a jikin kubbobin biyu, a ido babu bambanci, amma a ɗaya tsufa ce kawai, a ɗayar kuwa sanarwar rushewa.

Kubbar Bitrus ba rabin ƙwallo ba ce, tana da ɗan tsini, kuma wannan ya taimake ta. Zaren da aka rataya wa nauyi a tsakiya yakan yi tsini, saboda haka kubba mai tsini da hasumiya mai nauyi a kanta abokan juna ne. Wanda ya ce a sauke hasumiyar don a rage wa kubba kaya yana iya ɓata daidaiton da ke riƙe da ita.

Duk da haka malaman nan uku ba shirme suka yi ba, kuma ana yawan zaluntarsu idan ana ba da labarin. Sun saki igiyar awo sun ga wuyan kubbar, wato zagayayyen bangon da take zaune a kai, ya karkata waje, ginshiƙan da ke tokare shi sun tsattsage. Sai suka ɗauki ɓarin kubbar da yankin wuyan a matsayin gaɓoɓi masu juyawa a kan gwiwoyi, suka auna ƙarfin da ke tura su da wanda ke hana su. Adadin da suka samu ya tsananta, domin da gaskiya ne sarai da kubbar ba ta kai ranar da suka auna ta ba. Amma sun kalli wurin da ya dace. Zaren Poleni ya tabbatar da cewa ɓarin suna iya tsayuwa idan ƙafarsu ba ta gusa ba. Bai ce komai ba game da abin da zai faru idan wuyan ya ci gaba da buɗewa. Duk santimitar da wuyan ya matsa waje, tsakiyar kai takan sauka, kubbar ta ƙara bajewa, turinta ya ƙaru, ya ƙara tura wuyan. Kubbar farko ta Aya Sofiya a Santambul, wadda aka gama a 537, marar tudu ce sosai, ginshiƙanta sun yi ta karkata, ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa, kuma da aka sake ta sai da aka ɗaga ta da wajen mita 6 don a rage turin. Shi ya sa Poleni, bayan ya ce babu hatsarin gaggawa, ya yarda a ɗaure kubbar. Luigi Vanvitelli ya sa mata ɗamarar ƙarfe biyar a 1743 da 1744, aka ƙara ta shida a 1748 bayan an gano cewa ɗaya daga cikin tsofaffin zobban da magina na farko suka binne a ciki ta karye.

Aikin ɗamara shi ne ta karɓi jan da dutse ya kasa ɗauka, ta kuma hana turin isa ga bango. Ba ta bukatar girma. Tan 16 na kubbar misalin nan, sandar ƙarfe ta zamani mai santimita 3 da 4 za ta ɗauka. Maginan ƙasar Hausa sun bi wata hanyar zuwa ga wannan bukata. A ɗaurin guga da tulluwa irin na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, azarar giginya ce ake jerawa cikin laka tana miƙowa daga bango sahu bayan sahu, ita ke ɗaukar ja da lanƙwasa. Don haka bakan Hausa bai dogara da danni zalla ba, kuma duk wanda ya auna shi da zaren Poleni kaɗai zai yi masa gurguwar fahimta. Lafiyarsa tana tare da lafiyar azarar, wadda ruwan da ya shiga ta tsaga zai iya lalatawa. Ƙarfe ma yana da nasa ciwon: idan ya yi tsatsa yakan kumbura ya fasa dutsen da aka sa shi ya riƙe.

Mai duba tsagaggiyar kubba yana fara wa da alƙiblar tsagar. Mai hawa daga gindi zuwa sama, wadda leɓunanta biyu suke daidai da juna, tana cewa zobba sun saki kuma gindin ya ɗan buɗe. Ana ma iya sanin yawan buɗewar ba tare da wahala ba. A auna faɗin dukkan tsagogin a sahu ɗaya a tara, a raba da 6.28, abin da ya fito shi ne tazarar da gindin ya matsa waje. Idan jimillar santimita 6 ce, bangon ya gusa da kusan santimita 1 ta kowane gefe, kuma igiyar awo a jikin bangon ya kamata ta nuna haka. Idan awon biyu suka saɓa, akwai wani abin da ke faruwa wanda ba a gano ba tukuna.

Tsagar da ta kwanta, mai bin zagayen kubba, ta fi nauyi, domin ita ce shaidar gwiwa: layin turi ya kai gefe. Idan gindi ya buɗe, irin wannan takan bayyana ta ciki a can sama kusa da hular, wata kuma ta buɗe ta waje a ƙasa wajen kafaɗa, inda rufin dalma ko shafe ke ɓoye ta, har mai kallo daga ƙasa ba zai san da ita ba. Kubba tana iya zama da waɗannan, amma ragowar damarta ta ragu, kuma a nan ne lissafin layin turi a kan siffar da ginin yake da ita yau, ba siffar da aka zana ba, ya zama dole. Tsagar da ta yi karkace, ko wadda leɓe ɗaya ya sauka ƙasa da ɗaya, ba ta magana a kan kubbar ma. Tana nuna cewa wani ginshiƙi ya nutse fiye da 'yan'uwansa, kuma maganinta yana can cikin tushe.

Faɗin tsaga shi kaɗai ba ya faɗin abu mai yawa. Tsagar santimita 5 da ta tsaya tun shekara ɗari uku ta fi ta milimita 3 da ta fito bara kwanciyar hankali. Tsagogin Florence suna buɗewa da sanyi su rufe da zafi kowace shekara, kuma wanda ya auna na wata shida kawai zai rantse ginin yana rabewa. Sai an auna shekaru a jere a ga ko tsagar tana komawa inda ta taso. Abin da ke hana ta komawa sau da yawa ƙanƙane ne: tsakuwa da ƙura suna zubawa ciki lokacin da ta buɗe, idan zafi ya zo ta nemi rufewa sai ta tarar da wurin a cike, ta tura gindin waje da ɗan kaɗan, shekara ta zagayo a maimaita. Mai gyaran da ya ɗura siminti mai tauri a cikin tsaga lokacin da take buɗe ya yi wa kubbar irin wannan aikin da hannunsa, kuma sau da yawa sabuwar tsaga takan fito a gefen wadda ya toshe.